Yadda za ka buɗe takardar ƙorafi zuwa banki ba tare da gatsali ba

A ce ka je wajen mai POS za ka ciri dubu 45, ya saka katinka ka danna lambobinka, na'ura ta yi ta juyi ta yi ta juyi can sai ta fito da takarda an rubuta DECLINED, kai kuma kafin ka mayar da katin aljihu wayarka ta yi ƙara, alat ya shigo an cire kuɗin. Mai POS ya juyo maka da wayarsa ya ce wallahi Malam duba ka gani ba su shigo min ba, ka ɗan jira za su dawo. Ka jira kwana ɗaya, biyu, har biyar shiru, kuma kuɗin nan na cefane ne ko na makarantar yara. Toh a wannan halin ne yawancinmu muke zama mu rubuta wa banki, kuma abin da ke fara zuwa bakin mutum shi ne "kun cire min kuɗi kun ƙi dawo min da su", ko "wannan wane irin zalunci ne", wani ma da Allah ya isa yake buɗewa. Na san zafin don ni ma an taɓa yi min, kuma ban ga laifin wanda ransa ya ɓaci ba ko kaɗan. Amma layin farkon nan shi ne ya fi kowane layi aiki a takardar, kuma shi muka fi ɓatawa.

Abin da zan bi da kai a nan shi ne yadda za ka gyara wannan layin kaɗai, daga kalmar farko zuwa aya ta farko. Da wannan misalin na dubu 45 za mu yi ta tafiya har ƙarshe.

Kafin komai ka san wa zai karanta. Wanda zai buɗe imel ɗinka ko ya karɓi takardarka a teburin kastoma kiya ba shi ya cire maka kuɗi ba, bai ma san da zamanka ba sai yanzu. Ma'aikaci ne da aka ajiye ya karɓi ƙorafi, ya gane wane iri ne, ya shigar da shi a kwamfuta, ya tura wa sashen da abin ya shafa. Idan layinka na farko ya ce masa cirar POS ce da ba ta yi ba, ranar kaza, naira kaza, shikenan ya san inda zai tura. Idan kuwa layin farko zagi ne, na biyu tarihin shekarun da ka yi kana ajiya a bankin, na uku barazanar rufe akawun, sai ya kai tsakiyar takarda yana laluben me ma ya faru, kuma sau da yawa amsar da za ta dawo maka ita ce ka turo cikakken bayani, ka ga an ƙara maka kwana biyu ko uku a banza. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa nake cewa a gyara buɗewa. Ba wai don banki ya cancanci a lallaɓa shi ba, kuɗinka ne haƙƙinka ne, sai don kana so wanda ke riƙe da takardar ya zama yana ɓangarenka.

Mataki na farko: rubuta na fushin, amma kar ka tura

Da gaske nake. Buɗe wajen rubutu a wayarka ka zuba duk abin da ke ranka. Mu ce ga abin da ya fito:

"Kun cire min kuɗina dubu 45 tun ranar Talata kuma har yau kun ƙi dawo min da su, wai ku wane irin banki ne, dole ku dawo min da kuɗina yau ɗin nan."

Yanzu ka duba shi da kyau ka ware abu biyu, abin da ya faru da kuma abin da kake zato. Abin da ya faru: an cire dubu 45, ranar Talata, ba su dawo ba. Wannan gaskiya ce kana da alat da rasit. Abin da kake zato: cewa sun ƙi. Ba ka da shaidar cewa wani ya ga kuɗinka ya ƙi mayarwa, mai yiwuwa kuɗin sun maƙale ne tsakanin bankinka da kamfanin da ya ba mai POS na'urar, don cirar kati ba banki ɗaya take bi ba. Duk abin da ba za ka iya nuna takardarsa ba, cire shi daga layin farko. "Kun ƙi", "da gangan", "kun saba", "kun cuce ni", "kun sace", duk wannan hukunci ne ba labari ba, kuma da zarar ka yanke wa mutum hukunci a gaisuwar farko to ya fara kare kansa ke nan maimakon ya duba matsalarka.

Mataki na biyu: mayar da "kun" ya koma "an"

Nan ne Hausa ta yi mana gata, kuma a ganina wannan gyaran shi kaɗai ya kai rabin aikin. Saurari bambancin:

"Kun cire min naira 45,000."

"An cire naira 45,000 daga asusuna."

Labari ɗaya ne, ba ka rage ko kwabo ba, ba ka janye komai ba. Amma na farkon yatsa ne a idon mai karatu, na biyun kuwa ka ajiye matsalar ce a tsakaninku kamar kana cewa zo mu duba. Ai haka muke yi a gida ma, idan babba ya yi kuskure ba ka ce masa "ka manta", sai ka ce "ina ga an manta". Haka za ka bi sauran: "kun ƙi dawo min da su" ya koma "har yanzu kuɗin ba su dawo ba", "ba ku amsa min ba" ya koma "ban samu amsa ba tukuna", "kun yi kuskure" ya koma "da alama an samu kuskure". Lura da wannan na ƙarshen, "da alama" tana bar wa mutum ƙofar da zai gyara ba tare da ya ji an ƙure shi ba.

Ba cewa nake ka kori "ku" gaba ɗaya daga takardar ba. Tana da wajenta, wajen neman abu: "ina neman ku duba", "ina so in ja hankalinku". Wato "ku" a wajen buƙata, "an" a wajen laifi. Kuma ko da mutum ɗaya kake rubuta wa, manaja ne ko wata ma'aikaciya da aka ba ka sunanta, "ku" za ka ce ba "kai" ko "ke" ba, dalili na farko girmamawa ce, na biyu kuma "ku" ɗin yana nuna da bankin kake magana ba da shi a karan kansa ba.

Akwai wasu ƙananan kalmomi da ke shigowa rubutu ba tare da mutum ya lura ba, kuma su ne ke ɗauke da gatsalin. Babbarsu "wai". "Wai kun ce za a dawo da su cikin kwana uku", wannan "wai" ɗin tana cewa ban yarda da ku ba, ƙarya kuke. Cire ta ka ce "an shaida min cewa za a dawo da su cikin kwana uku". Sai "haba", sai "ashe", sai "dole", sai "tun wuri", sai "ya kamata ku sani". A baki idan kana murmushi suna iya wucewa, a rubuce kuwa babu fuskarka babu muryarka, mai karatu da muryar faɗa zai karanta su. Haka tambayar da ba amsa ake nema da ita ba, irin "wai ku wane irin banki ne", ba abin da ma'aikaci zai iya yi da ita.

Mataki na uku: zaɓi jimlar da za ta maye gurbin "na rubuto ne in yi ƙorafi"

Wasu suna ganin ai "na rubuto ne domin in yi ƙorafi a kan..." ba zagi ba ne, kuma gaskiya ne ba zagi ba ne. Matsalarta ita ce ba ta ce komai ba, duk wanda ya rubuto wa wannan teburin ƙorafi ya kawo, kuma tana sa takardar ta fara da fuska a ɗaure. Gara ka zaɓi kalmar da ta faɗi ainihin abin da kake yi, kuma zaɓin ya danganta da abin da ke hannunka.

Idan karo na farko ne kuma so kake su san abin ya faru, sanarwa kake yi: "Ina sanar da ku cewa an cire naira 45,000 daga asusuna ranar Talata 12 ga wata a cirar POS da ba ta yi nasara ba, kuma har yanzu kuɗin ba su dawo ba." Wannan ita na fi so, kuma a irin misalinmu ita zan ba kowa shawara. Ba roƙo a ciki, ba faɗa, kuma duk abin da ma'aikaci ke buƙata don ya san inda zai tura ka yana cikin numfashi ɗaya.

Idan kana ganin abu ne da ya kamata a ce sun lura da shi da kansu, misali an cire maka kuɗin abu ɗaya sau biyu, sai ka ce "Ina so in ja hankalinku kan cirar kuɗi sau biyu da aka yi a asusuna ranar kaza." Ta ɗan fi ta farko nauyi, tana da ƙamshin ofis, amma ba ta da kaifi.

Idan kai kanka ba ka tabbatar ko kuskure ba ne, ka ga an zare wasu 'yan kuɗi da wani suna a alat da ba ka gane ba, to kar ka fara da zargi don kar a zo a nuna maka caji ne da yake a ƙa'ida ka ji kunya. Bayani za ka nema: "Ina neman ƙarin bayani kan naira kaza da aka cire daga asusuna ranar kaza." Idan halal ɗinsu ne za su yi maka bayani, idan kuskure ne za su gano da kansu, kai ba ka yi asarar komai ba.

Idan kuwa komai a fili yake, kana da rasit mai DECLINED kana da alat, za ka iya farawa da buƙatar kai tsaye: "Ina neman a mayar min da naira 45,000 da aka cire daga asusuna ranar Talata 12 ga wata a cirar POS da ba ta yi nasara ba." Dubi "ina neman a mayar min" ka kwatanta da "dole ku dawo min da". Buƙata ɗaya ce, kuma ta farkon ba ta fi ta biyun rauni ba sam, ta ma fi ta ƙarfi don mai ita ya yi kama da wanda ya san ƙa'ida.

Yanzu tunda yawancin bankunanmu a Najeriya da Turanci ake cika fom ana tura musu imel, ga yadda waɗannan suke idan da Turancin za ka buga. Wadda mutane suka saba farawa da ita ita ce:

```
I am writing to complain about...
```

Sai ka musanya ta da ɗaya daga cikin waɗannan, bi da bi sanarwa, jan hankali, neman bayani, neman a mayar:

```
I am writing to report a failed POS transaction on my account.
I would like to bring to your attention a double debit on my account.
I would like to request clarification on a charge on my account.
I am writing to request a reversal of N45,000 debited from my account.
```

Ka lura su ma duk ba su ce "kun yi" ba, abin da ya faru suka sa a gaba. Idan Turancinka bai kai ba ka rubuta da Hausa tsaf yadda muka tsara, sannan ka ba wani ya juya maka, amma ka ce masa kar ya ƙara gishiri, don wasu masu taya rubutu suna son zuba manyan kalmomi na barazana su nuna sun iya.

Wani ramin kuma: ladabin da ya wuce gona da iri

A nan zan ɗan daɗe don mu Hausawa wannan ya fi kama mu fiye da zagin ma. An koya mana wasiƙa tun firamare da "bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan lafiya", kuma wannan tarbiyya ce mai kyau, a wasiƙar Baba ko Kawu haka ya dace. Amma a takardar banki idan ka cika layi huɗu da gaisuwa da tambayar iyali da addu'ar Allah ya ƙara ɗaukaka, ka binne matsalar kamar yadda mai zagi ya binne ta. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, "Assalamu alaikum" ko "Barka da aiki", ko "Yallaɓai, barka da aiki" idan manajan reshe kake rubuta wa, sai ka sauka layi na gaba ka shiga magana.

Wanda ya fi damuna shi ne roƙo. "Don girman Allah ku taimaka min ku tausaya min, ni talaka ne", "ku yi haƙuri da damunku da na yi", "ina mai ƙasƙantar da kaina". Wallahi raina yana sosuwa idan na ga dattijo ya rubuta haka a kan kuɗin guminsa. Baba ba alfarma kake nema ba, ajiya ka ba su. Kuma ban da zubar da girma, roƙon yana da illa a aikace, yana mayar da abin da yake wajibi a kansu ya koma kamar taimako da za a yi idan an samu sarari. Haƙuri kuma wanda ya yi laifi ke bayarwa, kai me ka yi? "Don Allah" guda ɗaya a wajen buƙata ba laifi, al'adarmu ce kuma tana tausasa magana, amma ɗaya ta isa, kuma kar ta zama ita ce kalmar farko ta takardar.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, karanta layin a bayyane kamar kana faɗa wa wani babban mutum da kuke mutunci amma yana riƙe da bashinka. Idan ka ji ba za ka iya faɗa masa haka ido da ido ba, ya yi kaifi. Idan ka ji kamar kana durƙushe ne, ya yi laushi da yawa.

Mataki na huɗu: cika layin da abin da za a iya bincikawa

Jimla mai ladabi da ba ta ɗauke da komai ba ta da amfani. "Ina so in ja hankalinku kan wata matsala da na samu" ladabi ne zalla amma wace matsala? Abu uku nake so su shiga jimlar farko: irin abin da ya faru, ranar, da adadin kuɗin da lambobi, 45,000 ba "kuɗi masu yawa" ba, kuma ba "kusan dubu hamsin" ba. Ranar ma ka rubuta kwanan wata, kar ka ce "shekaranjiya" don ba ka san ranar da za a buɗe saƙon ba.

Sauran bayanai su biyo a ƙasa, ba a cusa su a jimlar farko ba: sunan da ke kan asusun, lambar akawun mai lamba 10, lokacin da aka yi cirar, da lambobin da ke jikin rasit ɗin POS, musamman wadda aka rubuta RRN a gabanta da wadda aka rubuta STAN, da su ake bin sawun cirar. Shi ya sa ko na'ura ta ce DECLINED kar ka bar takardar a wajen mai POS, karɓe ta ka ɗauki hotonta nan take don rubutun irin wannan takardar yana gogewa da wuri, musamman a aljihu da zafi. Idan taransifa ce ta maƙale ba cirar kati ba, abin da za su tambaye ka shi ne Session ID, wato lambar bin sawu da ke jikin rasit ɗin taransifar. Abin da ba a taɓa sakawa kuwa, ko a layin farko ko na ƙarshe, shi ne PIN ɗinka da lambar sirrin manhaja da lambar OTP da ake turowa a waya, bankin gaskiya ba zai nemi waɗannan don ya duba ƙorafi ba, duk wanda ya kira ka bayan ka kai ƙorafi ya ce ka karanto masa su ɗan damfara ne, kashe wayarka.

Ga yadda saman takardarmu ya koma:

"Assalamu alaikum, barka da aiki.

Ina sanar da ku cewa an cire naira 45,000 daga asusuna ranar Talata 12 ga wata da misalin ƙarfe 4 na yamma a cirar POS da ba ta yi nasara ba, kuma har yau kwana biyar kuɗin ba su dawo ba. Ina neman a duba a mayar min da su, a kuma ba ni lambar bin sawun wannan ƙorafi."

Koma ka dubi na fushin da muka fara da shi. Babu abin da ya ɓace sai zagin, an ma ƙaru da lokaci da buƙata bayyananna. Lambar bin sawun nan kuma kar ka raina ta, ita ce shaidarka cewa ka kai ƙorafi ranar kaza, kuma ita za ta buɗe maka takarda ta biyu. Idan da hannu ka kai takardar reshe, ka je da kwafi biyu a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi gida.

Idan an yi shiru: buɗewar takarda ta biyu da ta uku

Nan ne mutane da yawa ke zubar da duk abin da suka tara, sun yi ladabi a ta farko ba a kula su ba sai su ce ai dama ladabi ba ya aiki a ƙasar nan, ta biyu sai ashar. Kar ka yi haka. Takarda ta biyu tana ƙara nauyi ne da kwanan wata da ƙa'ida, muryar kuwa tana nan yadda take. Maimakon "wannan ne karo na biyu da nake rubuto muku kun yi banza da ni", sai ka ce "Ina bibiyar ƙorafin da na shigar ranar 17 ga wata mai lamba kaza, wanda har yanzu ban samu amsa a kansa ba." Da Turanci:

```
I am writing to follow up on my complaint of 17th, reference number...
```

A jimla ta biyu sai ka kawo ƙa'idar. A shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da wa'adin mayar da kuɗin da suka maƙale: cirar POS ko sayayya ta intanet da ba ta yi ba a warware ta cikin awa 72, cirar ATM a injin wani banki da ba naka ba cikin awa 48, idan kuma injin bankinka ne nan take ya kamata su dawo, in na'ura ta gaza a yi da hannu cikin awa 24. Yadda za ka faɗe ta ma akwai ladabi, ba "kun karya doka" ba, sai dai "kamar yadda na fahimta wa'adin da CBN ya tsara wa irin wannan shi ne awa 72, kuma yanzu an wuce shi". Ma'aikacin da ya karanta wannan ya san da wanda ya san hanya yake magana, kuma ba ka ba shi abin da zai riƙe ya ce kastoma ya zage shi ba.

Idan mako biyu suka cika da shigar da ƙorafinka bankin bai warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN, kuma abin da za su fara nema shi ne shaidar cewa ka fara kai wa bankinka. To ka ga a nan duk takardun da ka rubuta a baya za su bi ka, wani na uku zai karanta su, kuma idan na farkon da Allah ya isa ya fara haka za ka haɗa shi ka tura. Kafin ka tafi can yana da kyau ka sanar da bankin, kuma ko wannan ba sai da barazana ba. "Zan kai ku ƙara ku gani" ya koma "Ina sanar da ku cewa idan ba a warware wannan ba zuwa ranar kaza, zan miƙa batun ga CBN." Ka sa ranar da za ka iya cikawa, kuma idan ta zo ka cika, barazanar da ba a aiwatarwa ita ce ke sa a daina ɗaukar mutum da muhimmanci. Ita kuma takardar CBN ɗin ka tuna su ba su yi maka komai ba, don haka buɗewarta: "Ina miƙo ƙorafi kan cirar naira 45,000 da aka yi a asusuna na banki kaza, wanda na shigar a bankin ranar 17 ga wata kuma ba a warware ba har yau." A nan kalmar ƙorafi ta zauna daidai, don ita ce sunan abin da kake shigarwa.

Abu ɗaya da zan ƙara, duk wannan na banki ne da manyan kamfanoni inda wanda ke karantawa bai san ka ba. Idan 'yar kasuwa ce ka sayi atamfa a wajenta ta waya aka aiko maka da wata kala daban, lissafin gaisuwa ya canza, a nan idan ka faɗa mata da "ina sanar da ke cewa" sai ta ji kamar sammaci ka aiko. Ita sai ka yi sallama, "Hajiya barka da kasuwa, ya ciniki", ka ce kaya sun iso an gode, sannan "sai dai ina ga an samu musaya wajen ɗaurawa, shuɗiya na zaɓa ja ce ta zo", ka tura hoton wadda ka zaɓa da wadda ta iso a jere. "An" ɗin nan dai ita ce ta sake yin aiki, mai yiwuwa ma yaron shago ne ya ɗaura ba ita ba, sai ka tambaye ta yadda za a yi a canza da kuma wanda zai biya kuɗin mota.